Dubu Ashirin da Bakwai na Malam Akawu

Shekara talatin da ɗaya Malam Akawu ya yi yana riƙe da littattafan wani kamfanin sayar da tayoyi. Ofishinsa ɗan ɗaki ne a bayan sito, kullum warin roba, fankar sama tana juyawa kamar an yi mata dole. Ba shi da fara'a, amma ba a taɓa kama shi da kuskure ba. Ƙanin matarsa, wanda ake kira Dogo, Malam Akawu ne ya kawo shi aikin, ya zauna mataimakinsa shekara goma sha tara.

Da yanar ido ta fara rage wa Malam Akawu gani, bai gaya wa kowa ba sai Dogo.

A ƙarshen shekara ya jera ragowar kowane asusu don gwaji, hagu da dama. Dole jimillar biyu su zo daidai, sai hagu ta fi dama da dubu ashirin da bakwai. Bai damu ba. Ya raba da tara, ta ba shi dubu uku cif.

"Juya lamba aka yi," ya ce wa Dogo. "Lambobi biyu masu tazarar uku, kamar a rubuta talatin da shida a gurbin sittin da uku. Ɗauko littafin ciniki ka karanto mini, ni ina bin babban littafi da tabarau."

Kwana huɗu suna yi. Dogo yana karantawa, shi yana sa alama, komai yana dacewa. Yara masu lodi suka fara leƙowa suna cewa, "Baba, ko a cikinka kuɗin suka faɗa?"

Ran na biyar mai kamfani ya shigo da kansa. "Malam, masu bincike suna zuwa jibi. Ina aka kwana?"

Dogo ya yi gyaran murya. "Ranka ya daɗe, bari in ɗan duba." Ya buɗe shafi ɗaya, bai ko laluba ba, ya ɗora yatsa. Cinikin dubu tamanin da biyar ne, an kai shi asusun ciniki a matsayin dubu hamsin da takwas. Rubutun Malam Akawu ne, ga kuma alamarsa ta shekaranjiya a gefe. A nan Malam Akawu ya gane da gangan Dogo ya karanto masa hamsin da takwas maimakon tamanin da biyar.

"Yaya ba ya gani, ranka ya daɗe," in ji Dogo a hankali. "Na gaji da rufa masa asiri."

Aka sallami Malam Akawu daga aiki da kyautar agogon bango. A gida ya faɗa wa matarsa yadda aka yi, ta ci gaba da ninke kaya.

"To, Malam, kana ganin ko ba ka gani?"

Ya tashi ya fita ƙofar gida.

Ya yi shekara shida bayan nan, yawanci a kan benci a ƙofar gida. Duk ƙarshen wata Dogo, wanda ya gaji kujerarsa, yakan tsaya da mota, ya durƙusa ya gaishe shi a gaban maƙwabta, ya sa masa kuɗin cefane a aljihu. Karɓa yake yi, don akwai yara a makaranta.