Ƙofar da Ba-zama bai gani ba

A layin masu gyaran kwamfuta ba wanda ke kiran maigidana da sunansa, Ba-zama suke ce masa, kuma wallahi ba su zalunce shi ba. Mutum ne da ke cin abinci a tsaye. In ya kulle shago sai ya dawo ya girgiza kwaɗon, ya yi gaba, ya sake dawowa. Ranar da aka kai ni gidansa ma na same shi a kan kujera yana kwance fanka, wai tana wani ƙara da bai yarda da shi ba. Tun ina yi masa faɗa har na gaji, domin hali zanen dutse ne.

Shagonsa ɗan tsukuku ne a ƙarƙashin bene. Teburi ɗaya, kwali cike da cajojin da suka mutu, da kujerar roba wadda baƙi kaɗai ke zama a kai. Yana gyara kwamfuta, yana ja wa ofisoshi wayar intanet, kuma shi ne ake kawo wa a ce a sa VPN. Yadda yake yi wa mutane bayani har na haddace: kowane layin intanet yana da adireshi, kuma duk shafin da ka buɗe yana ganinsa. VPN kamar rufaffen lungu ne, ka shiga ta nan ka ɓulla ta wani gari, sai shafin ya ga adireshin can.

Ƙanwarsa, Auta, tana aiki a wata masana'antar kwalaye. Akwai injin yanka da aka cire wa murfi don aiki ya yi sauri, ya cinye wa wata ƙawarta yatsu biyu, aka ce sakacinta ne. Kamfanin yana da shafin ƙorafi na ma'aikata, wai ba sai ka sa suna ba. Auta ta zo shago tana huci, ta ce sai ta rubuta. Ga shi ita ke riƙe da Inna, mahaifiyarsu, kuma aikin nan shi ne kaɗai abin da take da shi.

"Rashin sa suna ba ya ɓoye ki," in ji shi. "Ba a shafinsu kike duba jadawalin aikinki daga gida ba, da sunanki? To suna da adireshinki. Kawo kwamfutar."

Ya sa mata VPN. Ya buɗe shafin gwaji, ya nuna mata adireshi na wata ƙasa. Ya kashe, ya kunna, ya sake gwadawa, kamar yadda ya saba. Ya ce ta kunna shi kawai in za ta yi ƙorafi, ta kashe in za ta duba jadawali. "Je ki, Auta. Ko aljani ba zai san ke ce ba." Ina wurin ya faɗa, har na yi dariya.

Ta yi ta rubutawa kusan duk mako. Wata Asabar da rana muka je gaida Inna a gidan da suke zaune da Auta. Muna hira, shi kuwa ya gama gyara hannun ƙofa, ya duba rediyo, sai ya jawo kwamfutar Auta don dai hannunsa ba ya iya zama. Ya kunna VPN, ya buɗe shafin gwajin nan. Sai na ga ya ƙura wa shafin ido.

Layi biyu ne a fuskar kwamfutar. Na sama gajere, lambobi da ɗigo, na wata ƙasa. Na ƙasa dogo, lambobi da haruffa a cakuɗe, kuma a gefensa ga sunan kamfanin da ke ba gidan Inna intanet.

"Yaya, mene ne?" Auta ta tambaya.

Ya miƙe, ya zauna, ya sake miƙewa. Ya ce adireshi iri biyu ne yanzu, tsoho gajere, da sabo dogo da ake ce wa IPv6. VPN ɗin da ya sa mata tsohon kawai yake ɗauka. Layin shagonsa ba shi da sabon, shi ya sa gwaji ya fito fes. Layin gidan nan kuwa yana da duka biyun, kuma in shafi ya iya sabon, kwamfuta ta nan ta fi son bi, kai tsaye, ba ta ko leƙa lungun.

"Shafin kamfaninmu ya iya?"

Ya duba. Ya iya. Ya ce ƙarshen dogon adireshin yana sauyawa, amma rabin farko na gidan nan ne, kuma yakan daɗe bai canza ba. Duk wanda ya ajiye ƙorafin kusa da shigarta ta duba jadawali, zai ga gida ɗaya ne.

Nan take ya hau aiki. Ya kashe IPv6 a saitin wayafai na kwamfutar. Bai yarda da wannan kaɗai ba, ya kafa doka a katangar tsaron kwamfutar cewa kada komai ya fita ta sabon adireshi. Ya kunna makullin da ke yanke intanet gaba ɗaya in VPN ya faɗi. Ya sake gwaji, dogon layin ya ɓace. Ya ce wannan toshiya ce kawai, gobe zai sauya mata da wani VPN da ke ɗaukar adireshi biyun a cikin lungu. Inna tana ta tambaya ko kwamfutar ce ta lalace.

"Waɗanda na riga na tura fa?" in ji Auta.

Ya rufe kwamfutar. Ni na ji haushinsa a lokacin, ba zan ɓoye ba, kuma na ji tausayinsa fiye da haushin. Mutumin da ke girgiza kwaɗo har ya gaji, ashe akwai ƙofar baya da bai taɓa sanin tana buɗe ba.

Kwanakin da suka biyo baya sai addu'a. Ya ce ƙila ba sa ajiye bayanan masu shiga, ƙila mai kula da kwamfutocinsu malalaci ne. Ya faɗa da safe, ya ƙaryata kansa da rana. Ya bi gidajen duk waɗanda ya taɓa sa wa VPN, yana gwadawa a kan layinsu. Har yau haka yake yi. Kome nisan unguwarka, ba ya sallamarka a shago, sai ya hau babur ya bi ka gida. Maƙwabtansa na tsokanarsa wai man da yake ƙonawa ya fi aikin, ya ce su ji da kansu.

Ranar da abin ya zo, na kai masa abincin rana. Auta ta shigo da rigar aikinta a cikin leda. Ta ce manaja ya kira ta, ya ce ana rage ma'aikata, har da ita. Da ta kai ƙofa sai ya ce, "Ashe kin iya rubutu haka."

Ba-zama ya jawo kujerar robar baƙi ya zauna. Tunda na aure shi ban taɓa ganin ya yi irin wannan zaman ba, hannuwa a kan gwiwa, ko yatsa ba ya motsi. Na tsorata.

"Ni na ce miki ki je," ya ce.

"Da ka sa min VPN, da ba ka sa ba, da na rubuta," in ji Auta. Ta ajiye ledar a kan kwalin cajoji. "Na ce wa manajan tunda sun karanta, su mayar wa injin murfinsa. Yaya, don Allah tashi, zaman nan bai yi maka kyau ba. Zo ka raka ni, ban san yadda zan gaya wa Inna ba."

Ya tashi ya kulle shago, bai ko girgiza kwaɗon ba, ya bi ta.