Saƙon da Ramatou Ta Saurara

Duk wanda ya taɓa kai ɗinki a layin bayan kasuwar Katako ya san Ramatou, ko bai san sunanta ba ya san muryarta. Ita ce telan nan da ke magana da allura a baki, tana yi wa mai kaya faɗa don ya sayo yadi maras kyau, sannan ta ɗinka masa shi kamar na ɗan cikinta. Mutuniyar Tasawa ce. Shekara goma sha ɗaya ke nan da mijinta Yacouba ya kawo ta Yamai, shi kuwa direban kar ne, babbar motar fasinja mai zuwa Damagaram, sai ya yi kwana biyar a hanya ya yi biyu a gida. Lakwal, wato makarantar boko, ba ta yi nisa ba, aji huɗu aka cire ta. Faransancinta na karanta suna da lamba ne, Zabarmancinta kuma na ciniki ne: gaisuwa, nawa ne, rage mini. In aka yi sauri sai a bar ta a baya.

Amma fa kar a ce ba ta iya salula ba. Da WhatsApp take aiki, mata na turo mata hoton ɗinki, ita tana mayar musu da vokal, saƙon murya mai tsawon huɗuba. Rubutu ne dai ba ta yi.

Ƴarta ɗaya ce, Huda, shekara goma sha biyar, tana ajin da ake zana jarrabawar birbe ta kammala ƙaramar sakandare. Ramatou ta yi ɓari uku kafin ta same ta, shi ya sa ko tari yarinyar ta yi sai keken ɗinki ya tsaya. Da can Huda surutu gare ta, ta dawo daga lakwal ta zauna kan buhun ƙyalle ta zayyane wa uwar wanda aka kora da wanda ya yi barci a aji. Tun da babanta ya ba ta tsohuwar salularsa labari ya ragu. Sai ka ga tana murmushi ita kaɗai, uwar na ɗago kai ta kife wayar a cinya. Wannan kifewar ita ce ta hana Ramatou sukuni. Ga kuma masu kawo ɗinki, kowace da nata labarin ƴar wance da aka lalata ta waya, su faɗa su tafi su bar ta da zullumi. Ba ta tambayi Huda ba. Tsoro take kada ta tambaya a yi mata ƙarya, daga nan kuma ba ta san abin da za ta yi ba.

Lakwal ɗinsu an hana shiga da salula, don haka kullum da safe Huda na barin tata a ƙarƙashin matashi. Koden buɗe wayar kuwa Ramatou ta daɗe da haddace shi ta gefen ido, shekarar haihuwar yarinyar ce, wa zai fi ta sani. Ran wata Talata da hantsi ta ajiye almakashi ta shiga ɗaki ta ɗauko.

Me ta gani? Gurup ɗin aji, cike da hotunan kaye na rubutu da allo. Gurup ɗin dangi, inda ƙannen Yacouba ke turo addu'a da gaisuwar Juma'a. Hotunan dariya iri-iri, mage da hula, tsoho na rawa. Babu wani saurayi, babu wani abin kunya. Da a nan ta tsaya da ta ci riba. Sai ta ga sunan Halima a sama, ƙawar Huda ta kusa, Bazabarmiyar nan ta Gaweye mai zuwa cin tuwo ran Lahadi. Yaran da ke wuni suna hira, amma da ta buɗe, layi biyar ne kacal, duk na jiya, biyu daga ciki ma an shafe, saura ɗan rubutu mai duhu-duhu a gurbinsu. Wannan fili da ta gani ya fi tayar mata da hankali fiye da duk abin da za ta iya karantawa.

Tana riƙe da wayar saƙo ya shigo, daga Halimar. Vokal ne, amma da ɗan da'ira da lamba ɗaya a ciki. Ramatou ba ta taɓa ganin irinsa ba, ta danna kamar yadda ta saba.

Kuka ne. Yarinyar na magana ƙasa-ƙasa da sauri, Zabarmanci cakuɗe da Faransanci, tana jan hanci, kusan minti biyu. Ramatou ta manna wayar a kunne har ya yi zafi. Ta ji sunan Huda sau uku. Ta ji “baba”. Ta ji “suba”, wato gobe, wannan ta san shi daga kasuwa. Sauran duk ya wuce ta. Ta ce bari ta sake ji a hankali, ta koma ta danna. Ko motsi. Ta danna da babban yatsa, ta goge fuskar wayar da gefen zane ta sake dannawa, ba abin da ya fito.

Mayafi kawai ta ja ta nufi rumfar Halidu mai gyaran salula a bakin Katako, dattijo mai gilashi biyu, ɗaya a hanci ɗaya a goshi. Ya karɓa ya duba, ya dube ta.

“Maman Huda, wannan ai na ji-sau-ɗaya ne. In an saurara ya tafi ke nan. Ita ma wadda ta turo ba za ta iya sake jinsa ba.”

“To ka dawo mini da shi, ba aikinka ba ne?”

“In gilashi ya fashe in sauya, in batir ya mutu in sa sabo. Wannan ko wa kika kai wa ba zai dawo da shi ba. Wanda ya ce miki zai iya, cutarki zai yi.”

Ta nuna masa filin. Ya nuna mata ɗan agogon da ke jikin hoton Halima, ya ce sun sa saƙonsu ya riƙa gogewa da kansa bayan awa ashirin da huɗu, kuma yara da yawa haka suke yi, ba lalle don mugun abu ba, wani lokaci don a gidan ɗayar ana bincike ne. Wanda aka shafe kuma alama kawai yake bari. Sannan ya ƙara da cewa a can wajen Halima, wayar ta riga ta nuna an buɗe saƙon.

“Ki gaya wa Huda yau ɗin nan,” in ji shi. “Kuka kika ce kin ji.”

Ramatou ta ce to. Wallahi har zuciyarta ta ce to. Amma a hanya sai ta riƙa ganin fuskar Huda, tana tuna yadda ake kife mata waya tun ba ta yi komai ba, ina ga an san ta buɗe. Tana isa gida ta danne saƙon da yatsa, ta taɓa ɗan kwandon shara kamar yadda take yi wa hotunan ɗinkin da ta gama, ta mayar da salular ƙarƙashin matashi. Ta ce a ranta ai yara ne, za su yi magana da yamma.

Ba su yi ba. Huda ta dawo tana cewa Halima ba ta zo lakwal ba, ta rubuta mata, alama ɗaya ce ta fito mai toka-toka, wato bai isa ba. Ta kira, a kashe. Laraba haka. Ramatou na jin ta, tana taka keke da ƙarfi, har ta haɗa hannun riga a baibai, abin da ba ta yi ba tun tana koyo. Sau biyu ta buɗe baki, sau biyu ta ce wa yarinyar ta miƙo mata zare.

Ran Alhamis bayan la'asar saƙo ya shigo daga lambar da ba a sani ba. Huda ta karanta a tsaye, ta sake karantawa, sannan ta fassara wa uwar. Halima ce. Ta ce ta jira ta jiya a tasha har mota ta cika. Ta ce ta ga an buɗe saƙonta, ba amsa, ba zuwa, ba komai, Allah ya bar zumunci. Huda ta kira lambar nan take. Wani mutum ya ɗauka, ya ce wata yarinya ce ta roƙe shi aron waya a kasuwar Doso, bai san ta ba.

“Mama, wane saƙo? Ni ban ga komai ba. Wallahi ban gani ba.”

Ramatou ta cire allurar daga bakinta ta soke a ƙyalle. Ta ce, “Zauna, Huda. Ni na buɗe.”

Ta faɗa duka, ba ta rage ba: koden, tsoron da ya kai ta, rumfar Halidu, kwandon shara. Ta shirya wa ihu, ta shirya wa a buga ƙofa. Huda ba ta yi ko ɗaya ba. Ta zauna kan buhun ƙyallen nan nata na da, ta buɗe wayar ta ɗora a kan keken ɗinki.

“Ga shi, ki duba. Ni da agogon nan babu ruwana, Halima ce ta sa. Babanta ne ke karɓar wayarta kullum yana karantawa. Wata uku ke nan suna faɗa da mamanta, ni kaɗai take gaya wa. Da kin tambaye ni da na gaya miki, Mama. Ba duka ba, don amanarta ce, amma da na gaya miki.”

“Me ya sa kike kife waya in na dube ki?”

“Ta roƙe ni kar kowa ya gani.”

Kunya ta kama Ramatou, irin wadda ba ta taɓa ji ba a gaban babba, balle a gaban ƴar da ta goya.

Washegari da safe suka hau taksi tare zuwa Gaweye, gidan su Halima. Wata maƙwabciya ta ce auren iyayen Halima ya mutu ran Litinin, uwar ta kwashe yaran ta tafi garinsu, can wajen Doso ne ko Gaya, ba ta tabbatar ba. Wayar yarinyar uban ya karɓe tun ran Talata da rana, shi kuwa ba mai iya tunkararsa da maganar yanzu. Suka tsaya a ƙofar gidan kamar masu jiran a ba su wani abu, daga baya suka juyo.

A bakin titi, wajen gada, suna jiran taksi, Huda ta juyo ta dube ta. Babu fushi a fuskarta, da ma akwai da ya fi wa Ramatou sauƙi.

“Mama, ke kaɗai kika ji. Minti biyu kika ce. Wataƙila ta faɗi sunan garin. Don Allah ki tuna, me ta ce?”

Ramatou ta rufe ido. Muryar na nan a kunnenta, har jan hancin, har wurin da ta tsaya ta haɗiye kuka. Ta motsa baki tana ƙoƙarin kwaikwayon sautin, ko yarinyar za ta tsinci wani abu a ciki, amma abin da ya fito ba magana ba ne a kowane harshe.

“Ta kira sunanki,” in ji ta. “Sau uku.”

Huda ta jira ko akwai saura. Taksi ya tsaya, direban ya tambaye su ina za su.