Sunan da Idrisu Ba Ya Amsawa

A Kutemeshi kowa ya san Idrisu malamin dabbobi, kuma kowa ya san ba a kiransa Jumare, sai mai neman a fasa masa baki.

Yana ɗan shekara tara baffansa Jumare ya sari uban yaron, Audi, da gatari har lahira a dajin Birnin Gwari, a kan rabon shanu. Idrisu na tsaye da goran nono a hannu, jini ya fantsamo masa har wuya. Aka ce ɓarayi ne, magana ta mutu. Jumare ya haɗe garken, ya tura yaron makaranta don ya daina ganin idonsa, can kuwa malami ya liƙa masa sunan wanda ya kawo shi: Idrisu Audi Jumare.

A 1974 aka zaɓe shi kwas a Amirka. Fasfonsa ya fito da sunayen uku jere a layi guda, ba alamar wanne ne na gida. Takardar biza kuwa gurbi biyu gare ta, na sunan dangi daban, na sauran sunaye daban. Idrisu ya sa Audi a na farko, Idrisu a na biyu, ya yar da Jumare.

A ofishin jakadanci a Kaduna, akawu ya dawo masa da ita. Ya ce dole takarda ta dace da fasfo, ba a zubar da suna ko ɗaya, kuma na ƙarshe suke ɗauka na dangi. Canjin fasfo sai an yi rantsuwa a kotu an jira watanni, jirgi kuwa saura kwana tara.

Idrisu bai zame ko'ina ba sai rugar baffansa. Baƙin cikin shekara ashirin ne ya kai shi, ba hankali ba. Ya tarar da tsohon yana tufka igiya, ya fizgi sandar kiwo ya rufe shi da duka. Ya karya masa hannu, ya zubar masa da haƙora, yana faɗa masa abin da ya gani ran nan da abin da akawu ya ce.

Tsohon ya tofar da jini, ya dube shi.

"Ƙarasa ni mana. Ko na mutu, da sunana za ka hau jirgin."

Sandar ta faɗi daga hannun Idrisu. Gaskiya ce, kuma ta fi gatarin ciwo.

Da safe ya koma Kaduna da yatsu a kumbure, ya karɓi sabuwar takarda. Ya rubuta JUMARE da manyan baƙaƙe, sai da alƙalami ya huda takardar.

Shekara biyu ya yi a Amirka. Kullum malami ya buɗe rajista sai ya kira Mista Jumare, Idrisu kuwa ya ɗaga hannu.