Jinina a Jikin Yayana

Ciwon basir ya daɗe yana zubar wa yayana da jini, har tafin hannunsa ya yi fari. Muka bar albasarmu a fadamar Dingyaɗi na kai shi asibiti a Bodinga. Likita ta ce sai an ƙara masa jini.

Na miƙa hannuna. Mai gwajin jini ya ɗebi kaɗan a jikina, kaɗan a jikin Yaya, ya shige ciki. Da ya fito sai ya nuna mini wata 'yar kwalba, jinin ciki ya yi gudaji kamar nono ya tsinke.

"Malam, ruwan jininsa ne na haɗa da ƙwayoyin naka. Ka ga sun dunƙule? Rukuninku ba ɗaya ba ne. Ka ba mu naka mu ajiye wa wani, shi kuma mu nemo wanda ya dace da shi."

"Uwa guda uba guda fa, nono guda munka sha!"

"Ko da hakan, Malam."

Ban gane ba, kuma girman kai ya hana ni sake tambaya. Abin da na ji kawai shi ne za a sa wa Yaya jinin baƙo, a ƙi nawa. Na lallashe shi muka fice, na kai shi wajen wani mai shagon magani a wani ƙauye ta wajen Shagari. Shi bai gwada komai ba. Ya ɗebi jini leda guda a jikina ya rataya wa Yaya.

Ba a jima ba Yaya ya ce hannun yana masa zafi kamar wuta. Sai sanyi ya kama shi, yana karkarwa, jikin kuma ya yi zafi rau.

"Ƙanena, ƙuguna zai tsinke. Ƙirjina ya cushe."

"Daure, Yaya, jinin ne yake zama." Ni na faɗi haka, Allah Ya yafe mini.

Sai da ya yi fitsari ja kamar zoɓo mai shagon ya zare ledar. Muka koma Bodinga, wurin allurar yana ta tsiyayar jini.

Suka ɗaura masa ruwa leda bayan leda, suna auna fitsarinsa. Likita ta ce jikinsa ne ya ɗauki jinina a matsayin maƙiyi, yana farfasa ƙwayoyin a cikin jijiya, abin da ya fashe kuma yana lalata ƙoda. Abin da aka nuna mini a kwalba ke nan, in ji ta, don kada ya faru a cikin mutum. Da fitsarin ya ƙi zuwa aka tura mu Sakkwato wankin ƙoda.

Yaya ya rayu, amma bai ƙara iya ban-ruwa ba, ni nake yi masa. Har yau ban san yadda ciki ɗaya yake haifar jini biyu ba. Da na nemi gafararsa sai ya ce, "Kai ka kai ni, amma ai da ƙafata na bi ka."