Takardar sallamar da Ciroman sito ya rubuta

Ni dai aji huɗu na yi a elemantare, shi ya sa na zama babban malamin Hausawan unguwar Diobu a Fatakwal. Shekara goma sha ɗaya ina awon buhuna a wani siton manja da kwakwa, har abokan aiki suka naɗa ni Ciroman sito, sarautar da ba ta da ko tabarma.

Da rikici ya tashi gab da yaƙin basasa, aka ce mutanen Arewa su tattara su tafi. Na ce mutum irina ba ya sulalewa kamar ɓarawon akuya, sai na bar takardar sallama a allon sanarwa, don zumunci ya ɗore, in ƙasa ta lafa in dawo kan sikelina.

Na rubuta shafi biyu da Turancina. Na nemi gafarar kowa, na yi godiya suna bayan suna, yadda aka koya mana a gida: wane da ya ɓoye iyalina kwana uku a ɗakinsa, wane da ya raka ni kasuwa yana cewa ni surukinsa ne. A ƙasa na sa adireshin shagon kawuna a Kano.

Na kai wa akawunmu mai tafireta, Ibo ne haifaffen Zariya, ya fi ni Hausa. Ya karanta, ya cire tabarau.

"Ciroma, kai da wa kake gaba a cikinsu?"

"Godiya ce, Oga akawu. Ko Turancin ya fi ƙarfinka?"

"Turancin ya fi ƙarfin Bature ma. Amma yau da safe aka sauke ƙanwata a tasha daga Arewa, babu mijinta. Ka san waɗanda za su tsaya gaban allon nan gobe? Ai gidajen da za su fara zuwa ka rubuta musu."

Ya sa jan biro ya soke sunayen. Ya soke adireshin ma, ya ce duk wanda aka gani yana kwafar adireshin Kano ya shiga uku.

"To me ya rage?"

"Gafarar da ka nema. Ita ba ta kashe kowa."

Layi uku ya buga. Ainihin takardata ya yage ta ƙanana, ya zuba a aljihunsa. Ya haddace sunan shagon kawu, ya ce shi zai gaya wa sauran da baki.

Na koma Kano, amma wasiƙa ba ta zo ba, don ba a jima ba gidan waya ya daina kai saƙo can. Bayan yaƙi na rubuta wa siton sau uku, shiru. Na sa wani direban tirela ya duba mini, ya ce wasu mutane ne a wurin, ba su san kowa ba, tsofaffin ma'aikatan duk sun gudu ƙauyukansu tun ana yaƙi. Ya ce in ba shi sunan ƙauye ko ɗaya, zai bi.

Shekara goma sha ɗaya muna cin abinci a kan buhu ɗaya, ban taɓa tambayar ko mutum guda sunan ƙauyensu ba.