Oza Uku Ɗanye, Oza Biyu Dafaffe

Maigidana ya yi shekara arba'in yana hulɗa da shanu, daga Gwaram zuwa kasuwannin Kano, amma bai taɓa tsayawa ya ga yadda nama ke shiga tukunya ya fito ba. Maza ba sa zuwa madafi. Wannan ne ya kusa raba ni da shi a ƙarshen ransa.

Ba a daɗe da canja kuɗi zuwa naira ba ƙafafunsa suka fara kumbura. Aka kwantar da shi a asibitin Birnin Kudu, likita ya ce ƙodarsa ce ta gaji. Ranar sallama aka tura mu wajen wata Sista mai kula da abincin marasa lafiya, doguwar mace mara wasa. Ta ce a rage gishiri. Ta ce nama yana da abin da ke gina jiki, amma idan jiki ya gama da shi ƙoda ce ke fitar da dattinsa, tasa kuwa ba ta iya ɗaukar da yawa. Ta yanko ɗanyen nama ta ɗora a ƙaramin sikeli.

"Malam, oza uku. Rabonka ke nan a yini."

Ya kalli yankan ya ce, "Sista, wannan ai ko mage sai ta yi ƙara."

Ba ta yi dariya ba. Shi kuwa ya riƙe girman yankan nan a idonsa.

Na ce mata gidanmu tukunya ɗaya ake ɗorawa, mu da 'ya'ya da matan 'ya'ya, ba a dafa wa mutum nasa daban. Sai ta ja ni madafin asibiti, shi yana zaune a baranda. Ta auna laba uku na jan nama, kowace laba oza sha shida, aka zuba a miya. Da ya dahu ta tsame, ta bari ya tsane, ta sake aunawa. Laba biyu.

"Ina laba ɗaya ta tafi?" in ji ta.

Na ce masu girkinki za ki tambaya.

A nan ne kawai na ga haƙoranta. Ta ce ruwa ne, da ɗan kitse da ya narke ya hau kan miya. Ɗanyen nama in ka kasa shi biyar, kashi ɗaya ne mai gina jiki, saura yawanci ruwa. Wuta tana matse ruwan, mai gina jikin kuwa kusan duk yana nan. Shi ya sa a dafaffe ya kusa kashi ɗaya cikin uku. Oza biyu dafaffe ita ce oza uku ɗanye. Wanda ya auna masa uku daga tukunya, huɗu da rabi ya ba shi. Ta ce in gwada da tukunyata ma, don in wuta ta daɗe nama yakan fi haka ƙanƙancewa.

A lokacin ban san baƙi ko ɗaya ba, sai da na tsufa na shiga yaƙi da jahilci. Babban ɗana ya sayo sikeli a Kano, Sista ta ɗiga mini jan farce a wuri biyu a jikinsa, na sama na ɗanye, na ƙasa na dafaffe. Na gwada a gida, tukunyata ta ba da abin da tata ta bayar.

Ranar farko da na kai masa tuwo da rabonsa, ya juya naman da yatsa.

"Wannan ba shi aka nuna mini ba."

Na ce shi ne, ruwa ne ya fita.

"A cikin ruwa kika dafa shi, ki ce mini ruwa ya fita?"

Ni ma da ban gani da idona ba, da haka zan ce. Kuma bakina ba ya iya lallashi. Na ce in zai ci ya ci.

Sai ya fara kallona. Ya ga jikokinmu suna tauna, ya dube ni. Bai ce ɓarauniya ba, amma wata rana ya ce wa ɗansa a gabana, "Uwarku ta gaji da jinya." Mutumin da na haifa wa bakwai. Ya aika Gwaram aka zo da yayarsa, ya ce daga yau ita za ta riƙa zuba masa.

Ba zan yi wa Yaya ƙarya ba tana kabari. Son ƙaninta take yi. Ta tambayi ɗana nawa likita ya ce, ya ce oza uku. Ta tsamo daga tukunya ta cika har ɗigon sama. Na ce Yaya, wancan na ɗanye ne.

"Uku dai uku ce, amarya," in ji ta. Da furfurata tana ce mini amarya. "Ko sikelin ma kin fi shi sani?"

Ya ci yana murna. Ni ina tsakar gida ina jin ƙarar kwanonsa, abin da na girka ne amma ba daga hannuna ba. Ba a jima ba tashin zuciya ya dawo, da shaƙuwa, da ƙaiƙayin da ke sa shi yagar fatarsa. Ban ce naman ne kaɗai ba, ciwon ma tafiyarsa yake yi. Amma Sista ta gaya mini alamun, ga su kuma.

Da hantsi na shiga ɗakinsa na ce, "Malam, tashi."

"Zuwa ina?"

"Madafi."

Yaya ta yi salati. Matan 'ya'yana suka shige ɗaka don kunya. Na kama shi, ba nauyi, na zaunar da shi a kujerata ta tsugunno. Na ba shi wuƙa na ce ya yanka da kansa. Ya yanka, ya ɗora, har allurar ta taɓa ɗigon sama. Idonsa bai manta ba, sau ɗaya ya yanka. Na ɗaure yankan da kaba don kada ya ɓace cikin sauran, na jefa a miya. Na ce kada ya ɗauke ido, tunda ni ba abin yarda ba ce.

Bai ɗauke ba. Hayaƙi yana sa shi hawaye, ya ƙi matsawa. Da ya dahu na tsamo. Kabar da na ɗaure tam ta yi sako-sako, yankan ya tsuke ya yi duhu. Shi ya ɗora a sikeli. Allurar ta tsaya a ɗigon ƙasa.

Ya daɗe yana kallo. Yaya ta ce wataƙila sikelin ne. Ya ce, "Yaya, bari."

Sannan ya ce, "Duk shanun da na sayar, ashe rabi ruwa nake sayar wa mutane."

Na ce ya fi rabi.

Bai ce in yafe masa ba, ba halinsa ba ne. Ya miƙo mini kwano ya ce, "Zuba mini." A nan madafi ya ci, a gaban kowa.

Shaƙuwar ta lafa, ya samu damina ɗaya yana fita zaure. Bayan girbi ya sake kwantawa. Da muka koma asibiti Sista ta duba shi, ta ja ni gefe ta ce, "Baba, ajiye sikelin. Ki ba shi abin da ransa yake so."

Na gane. Na dawo na dafa masa ƙauri da tsoka, na cika kwano har yana zuba. Ya duba ya ce, "Kin auna?"

Na ce yau babu awo.

Ya gane shi ma. Ya ɗauki yanka ɗaya ya kai baki, ya kasa haɗiyewa. Ya ce in ajiye kusa da kansa, ƙamshin ya ishe shi. Na zauna ina riƙe da kwanon har ya huce, maiƙo ya daskare a kai.

Sikelin yana nan cikin adakata. Jan farcen ɗigon sama ya goge, na ƙasa ne ya saura.