Gurbi Huɗu, Yara Biyar

A ɗakin wanki na otal ɗin da take aiki, Mai Guga suke kiranta, har sabbin ma'aikata na zaton sunan yanka ne. Shekara goma sha shida ta yi a ƙasan benen nan, tsakanin injinan wanki uku da dogon teburin guga, inda tururi ke sa mutum gumi ko da sanyin safiya. Hannunta na dama duk tabon ƙuna ne ƙanana. Tana iya ninke zanen gado ita kaɗai, gefe ya haɗu da gefe, ba tare da ta kalla ba. Ba ta da yawan magana, amma in ta yi dariya sai an jiyo ta daga wajen masu dafa abinci.

Mijinta kafinta ne, yana da rumfa a bakin titi. Suna haya a ɗaki biyu da falo, a hawa na biyu na wani gida mai matsattsiyar matattakala. Yara biyar ne a gabansu: Dogo, wanda ya shiga shekara ta goma sha bakwai, sai 'yan biyu mata, sai Auta. Ta biyar ɗin ita ce Tsuntsuwa, 'yar ƙanwarta da ta rasu yarinyar tana da wata bakwai. Uban ya miƙo ta a zanen goyo, ya ce zai dawo in ya samu aiki, shiru kake ji. Tsuntsuwa ta tashi tana ce wa Mai Guga Umma kamar kowa. Ta san labarinta, ba a ɓoye mata ba, amma ba zancen da ake yi ba ne a gidan. Sunan kuwa kafinta ne ya sa mata, don cin abincinta tsince-tsince ne. Tana da ciwon sikila, kuma tun tana shekara biyu ake kai ta babban asibitin gwamnati, ɓangaren masu ciwon jini, duk bayan wata uku.

Shekarar da Tsuntsuwa ta cika tara, otal ya shigar da ma'aikatansa inshorar lafiya. Aka tara su a ɗakin cin abincin ma'aikata, wata mata daga kamfanin inshorar ta yi bayani. Za a riƙa cire wani abu kaɗan daga albashi, otal ya cika sauran. Kowa zai rubuta kansa, da miji ko mata, da 'ya'ya huɗu da ba su kai shekara goma sha takwas ba. Kuma iyali za su zaɓi asibiti ɗaya daga jerin da aka raba, na gwamnati ko na kuɗi, can za su riƙa fara zuwa. In ciwo ya fi ƙarfin wannan asibitin, shi zai rubuta takardar tura mara lafiya gaba, kamfani ya ba da lambar amincewa, sannan a je wurin ƙwararren likita.

Mai Guga ta ninke fom ɗin ta sa a jaka. Da ta dawo gida ta shimfiɗa shi a kan tebur bayan an ci abinci, kafinta ya ɗauki jerin asibitocin, ya nisanta shi da idonsa yana karantawa.

"Kai, ga na bayan layinmu nan a ciki," in ji shi. "Shi ke nan, an gama. Minti biyar a ƙafa, ga kujeru masu laushi, ga sanyi. Ni dai na gaji da tashin asuba don karɓar lambar layi a na gwamnati."

"Baban yara, duba ƙasan fom ɗin."

"Me zan duba?"

"Gurbin yara. Ƙirga."

Ya ƙirga da ɗan yatsansa mai ƙaton farce. Ya ɗaga kai ya dubi labulen ɗakin yara, inda ake jiyo 'yan biyu suna gardama da Tsuntsuwa kan wa ya ɓatar da abin goge fensir. Ya ajiye takardar a hankali.

Dogo na zaune a bakin ƙofa yana wanke takalminsa, ashe kunnensa na wurinsu. "Umma, ku cire ni kawai. Ni yaushe rabon da in yi ko mura? Baɗi ma ai da kansu za su cire ni."

"Wa ya sa bakinka?" in ji uban, amma muryarsa ba ta faɗa ba ce.

Washegari da hutun rana Mai Guga ta hau ofishin ma'aikata, inda matar inshora ke karɓar fom. Ta tsaya da rigar aikinta, ta faɗi abin da ke akwai. Matar ta saurara har ƙarshe.

"Ko kin cire babban, Anti, ba za ta shiga gurbinsa ba," ta ce. "Gurbin nan na 'ya'yan da kika haifa ne, ko waɗanda kotu ta ba ki takardar riƙonsu. Za a nemi takardar haihuwa. Kina da ta kotu?"

"Ni da na goya ta a bayana, wace kotu?"

"Na sani. Ba ni na tsara ba." Matar ta jawo wani fom daban, ruwan ɗorawa. "Amma akwai wannan. Ana ƙara mutum, sai dai ke kaɗai za ki biya nasa kowane wata, otal ba ya sa hannu. Kuma katinta ba zai fara aiki ba sai bayan wata uku. Ki rubuta ciwon nata yadda yake, kada ki ɓoye. A tsarin da otal ɗinku ya saya an yarda da shi, ɓoyewar ce ke sa a ƙi biya daga baya."

Mai Guga ta karɓa. Abin da za a cire ya kai kuɗin motarta na wata, ta ga in ta riƙa sauka a tasha ta farko ta ƙarasa da ƙafa, za a rage zafi. Ba ta yi wata shawara ba ta sa hannu.

Saura zancen asibiti. Ranar hutunta ta saka mayafi ta tafi na kuɗin da ke bayan layinsu, ta zauna a ɗakin jira kamar mai jiran wani. Wurin tsaf, ba ƙarni, ma'aikaciyar da ke karɓar mutane tana gaishe da kowa. Cikin awa ɗaya mutum shida suka ga likita suka fito da maganinsu. Sai ta matsa ta tambaya: in yaro na bukatar ƙarin jini, suna da wurin ajiyar jini? Ma'aikaciyar ta ce a'a, aikawa suke a samo, ko su tura shi babban asibiti. Likitan jini fa? Babu, sai dai a tura.

Na gwamnati ba ta bukatar zuwa dubawa. Ta san bencinsa na katako, ta san famfon da ba ya tsayawa da ɗiga, ta san ranar da aka ce mata maganin ya ƙare ta je waje ta saya. Amma ta san kuma akwai fayil mai kauri da sunan Tsuntsuwa, da wata likita mai furfura da ke duban idon yarinyar ta ce "yau jininki ya yi ƙasa" tun kafin sakamakon gwaji ya fito.

"Mu shida lafiyarmu ƙalau," ta ce wa kafinta. "Zazzaɓi ne, tari ne, mu bi layi. Ita kuwa in ciwonta ya tashi, ba na son in tsaya jiran takardar turawa da lambar kamfani yarinya na murƙususu."

"To ni in guduma ta faɗo mini a ƙafa, sai in wuni a benci?"

"Sai ka tafi da katakonka, ka gyara musu bencin."

Ya yi dariya, ya yi tsaki, ya miƙa mata biro. Ta rubuta asibitin gwamnati.

Sati shida bayan haka, katin Tsuntsuwa bai fara aiki ba tukuna, ciwon ya tashi. Da hantsi ne, Mai Guga na wurin aiki, wayarta na cikin akwatin ajiyar kaya. Daga makaranta aka kira kafinta. Ya tarar da yarinyar a kwance a ofishin shugabar makaranta, ta dunƙule, tana cizon hannun rigarta don kada ta yi kuka. Ya saɓa ta a kafaɗa, garin katako duk a gashinsa, bai yi tunanin komai ba sai asibitin da ya fi kusa.

Na kuɗin nan na bayan layinsu suka karɓe ta nan take. Suka sa mata ruwa, suka yi mata allurar rage zafi, cikin rabin awa ta saki jiki. Ya biya da kuɗin ƙofar da wani ya ba shi ya yi, ya ce a ransa zai san yadda zai yi da mai ƙofa. Amma da gwaji ya fito, matashin likitan ya kira shi gefe ya ce jininta ya yi ƙasa ƙwarai, tana bukatar ƙari yau, kuma gara a kai ta inda aka san ta. Da kansa ya buga waya can, ya rubuta takarda.

Mai Guga ta iske su a babban asibiti da la'asar, ko rigar aiki ba ta cire ba. Ɗakin yara cike, gado goma sha biyu, fanka ɗaya ba ta juyawa. Tsuntsuwa na gadon jikin taga, jini na sauka a hankali, likita mai furfura na rubutu a fayil. Kafinta na zaune a kan kujerar roba da auduga manne a hannunsa, don ya ba da nasa jinin a madadin wanda aka ɗauko.

"Kin ga," ya ce mata ƙasa-ƙasa, "waɗancan sun kashe mata zafin, waɗannan sun san ta. Likitar nan ko sunanta ba ta tambaye ni ba."

"Ka ci abinci?"

"Sun ba ni lemo. Wai kada in faɗi in karya musu kujera."

Ta zauna a gefen gadon ta kama ƙafar yarinyar, mai sanyi, ta riƙa murzawa a hankali da tafin hannunta mai kaushi. Kwana huɗu suka yi, duk daga aljihunsu. Abokan aikinta suka raba kwanakinta a tsakaninsu ba tare da ta roƙa ba.

Katunan suka iso a ambulan ɗaya, bakwai cif, kowanne da hoto. Yaran suka yi ta wa juna dariya, wai Auta ya fito kamar wanda aka kama da satar sukari. Tsuntsuwa ta jera nata kusa da na 'yan biyu, ta daɗe tana kallo. A nasu an rubuta 'ya, a nata an rubuta ƙari.

"Umma, me ya sa nawa daban?"

Mai Guga na ninke kayan makaranta. Kafinta ya riga ta amsawa.

"Waɗannan huɗun otal ne ya biya musu, ko ana so ko ba a so," ya ce. "Ke kuwa uwarki ce ta hau bene da ƙafarta ta ce sai an sa ki."

Yarinyar ta dubi Mai Guga. "Da gaske?"

"Da gaske. Kawo in ajiye, kada ki ɓatar."

Yanzu shekara uku ke nan. Dogo ya fita daga tsarin da ya cika goma sha takwas, yana koyon aikin lantarki. Kafinta har yau yana mitar layi duk sanda ya je, ya kuma taɓa komawa na bayan layi da kuɗinsa ranar da zarto ya yanke shi a yatsa, don ba zai iya jira ba. Tsuntsuwa ta kwanta sau biyu tun daga lokacin, kamfani ya biya gado da gwaji da yawancin magani, wani maganin kuma suka saya a waje. Ta ƙara tsawo, tana aji ɗaya a sakandare, ta ce aikin ɗakin gwaji take so ta yi. Mai Guga na nan a teburin gugarta. Ranar asibiti tana musayar aiki da wata, su fita da sassafe su biyu, da gorar ruwa da rigar sanyi, yarinyar na gaba tana ba ta labarin 'yan ajinsu.